Ina Zafin Ya Tafi? Abin da Kofin Ruwa Ke Iya Aunawa

Matan da ke haɗa sabulu a gida sun san cewa da zarar an zuba kostik soda a ruwa, bokitin yakan ɗauki zafi har ya yi tururi, alhali ba a hura wuta ba. Manomin da ya jiƙa takin yuriya kuwa akasin haka yake gani: ruwan yakan yi sanyi ƙarara, kai ka ce an jefa masa ƙanƙara. Farin abu ne aka narkar a ruwa nan da can, to me ya raba su?

Amsar tana cikin wata ƙa'ida guda: zafi ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. Kamar yadda ruwa ke bin gangare, haka zafi ke tashi daga abin da ya fi ɗumi zuwa abin da bai kai shi ba, har su daidaita. Sanyin da hannu ke ji ba wani abu ba ne da ya shigo jiki. Zafin hannun ne ke fita.

A kan wannan masana kimiyyar sinadarai suka kasa canje-canje gida biyu. Akwai canji mai fitar da zafi, wanda ɗalibai suka sani da ekzotamik, inda abin da ke canzawa yake miƙa zafi ga abin da ke kewaye da shi. Narkewar kostik soda a nan take, haka ma cin gawayi a kurfoti da ɗaurewar siminti, wanda ke sa kankare mai kauri ya yi ɗumi bayan an zuba shi. Akwai kuma canji mai shan zafi, wato endotamik, inda abin yake janyo zafi daga maƙwabtansa ya bar su da sanyi. Narkewar yuriya da ta ƙanƙara da bushewar gumi duk a nan suke.

Dalilin yana can cikin ƙwayoyin abu. Raba ƙwayoyin da ke manne da juna yana cin ƙarfi, sabuwar haɗuwarsu kuma tana sakin ƙarfi. Idan abin da aka saki ya fi abin da aka ci, rarar takan fito a matsayin zafi. Idan kuwa bai kai ba, sai a cike giɓin da zafin ruwan da ke kusa.

Ana iya auna wannan zafin da kayan da ba su fi ƙarfin kowace makarantar sakandare ba. Na'urar sunanta kalorimita, kuma tsohuwa ce: a farkon shekarun 1780 Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka ƙera tasu a Faransa, suna gane yawan zafi daga yawan ƙanƙarar da ta narke. Mai sauƙin ta yau kofi biyu ne na farar roba mai kama da soso, a zura ɗaya cikin ɗaya, a yi musu murfi mai huda inda ma'aunin zafi zai shiga. Aikin kofin shi ne ya hana zafi shiga ko fita, ta yadda duk cinikin zai tsaya tsakanin sinadarin da ruwan.

An zaɓi ruwa ne domin an san halinsa sarai. Kafin giram 1 na ruwa ya hau digiri 1 a ma'aunin Salsiyas, sai ya sha kusan jul 4.2 na zafi, kuma adadin nan yake bayarwa idan ya sauka digiri 1. Daga nan lissafin ya fito: q = m × c × ΔT. Wato yawan zafi shi ne nauyin ruwan, sau 4.2, sau bambancin da ma'auni ya nuna.

Bari mu bi misalin yuriya daki-daki. A zuba giram 100 na ruwa a kofin, wato mililita 100, a bar shi ya zauna, a rubuta zafinsa. A ce digiri 30 ne. Sai a auna giram 10 na yuriya a zuba gaba ɗaya, a rufe, a riƙa jujjuya kofin a hankali ana duba ma'auni. Zai yi ta sauka har ya tsaya a wajen digiri 25, daga baya ya fara hawa sannu-sannu. Wancan mafi ƙanƙantar lambar ita ake so. Nauyin abin da ke cikin kofi ya zama giram 110, bambancin kuma digiri 5. Idan aka ɗauki haɗin tamkar ruwa zalla, 110 × 4.2 × 5 zai ba da jul 2,310. Wannan shi ne zafin da ruwan ya rasa, kuma tun da kofin a rufe yake, yuriyar ce ta shanye shi: kimanin jul 230 ga kowane giram.

A nan ne da yawa ke ruɗewa. Suna ganin ma'auni ya sauka sai su ce ai abin ya fitar da zafi. Ma'aunin kuwa ruwan yake aunawa, ba sinadarin ba. Saukarsa shaida ce cewa an karɓi zafi daga ruwan. Da kostik soda aka yi gwajin, giram 4 kacal a ruwa giram 100 zai ɗaga ma'auni da wajen digiri 10. Ita dai tana cin fata da ido, don haka sai da safar hannu da tabarau, a zuba ta cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kanta, kada kuma a taɓa haɗa ta a tukunyar alminiyam.

Kofin roba ba ya tsare zafi ɗari bisa ɗari, shi ya sa sakamakon yakan gaza na gaskiya. Idan babu murfi, ko aka rungume kofin da tafin hannu, ɗumin waje zai shiga tun yuriyar ba ta gama narkewa ba. Alamar ita ce ka ga ma'auni ya fara komawa sama alhali akwai sauran ƙwayoyi a gindin kofi. Rashin jujjuyawa ma yana sa a auna ɓangare ɗaya na ruwan kawai. Maganin shi ne a niƙa takin ya yi laushi don ya narke da sauri, a fara da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na ɗaki, sannan a maimaita gwajin a kwatanta.

Wanda ya gane wannan ya gane sirrin randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe, kuma kowane giram da ya zama tururi yana tafiya da kusan jul 2,400. Saboda haka bushewar giram 100 na iya sauke lita 10 na ruwa da kusan digiri 6, in ba don ɗumin da ke sake shigowa daga waje ba. Shi ya sa randa ta fi sanyaya ruwa lokacin da iska ta bushe, ta kuma rage aiki da damina. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Mai irin wannan tukunya ya ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada kuma ya bari yashin ya bushe, domin bushewar ruwan ita ce ke kwashe zafin daga kayan miyan.