Fozishina: Na'urar da ke tabbatar da bawul ya je inda aka ce ya je

A ɗakin sarrafa masana'anta, allo zai iya nuna cewa an buɗe bawul ɗin tururi rabi daidai, alhali in aka sauka wajen bututun aka duba sandarsa za a tarar bai kai rabin ba, ko kuma ya zarce. Allon yana nuna umarnin da aka aika ne, ba abin da bawul ɗin ya yi da umarnin ba. Wannan giɓi na tsakanin umarni da aiki shi ne dalilin ƙera wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jikin bawul, wadda masu gyara ke kira fozishina. Ana samun irinta a matatun mai kamar ta Kaduna da ta Damagaram, da masana'antun sukari da na taki, da duk inda ake tafiyar da tururi ko mai ko gas cikin bututu bisa ma'auni.

Bawul ɗin da muke magana a kai ba da hannu ake murɗa shi ba, iska ce ke motsa shi. A samansa akwai wani kasko mai rufi da ake kira akcuweta, cikinsa da faffaɗar fatar roba da sifirin mai ƙarfi. Wata sandar ƙarfe ta haɗa fatar da matoshin da ke zaune a bakin hanyar tururin. A irin da za mu ɗauka misali, iska na shiga ƙarƙashin fatar ta ɗaga sandar, hanya ta buɗe. In iska ta ragu sai sifirin ya mayar da sandar ƙasa, hanya ta rufe. Da gangan aka tsara shi haka, domin in iska ta ɗauke gaba ɗaya bawul ɗin ya rufe da kansa. Umarnin kuwa matsin iska ne mai ƙa'ida, daga 3 zuwa 15 a gejin da ke awo da psi, wato kusan 0.2 zuwa 1.0 a gejin da ke awo da bar. Ƙasan ma'aunin na nufin a rufe, samansa na nufin a buɗe duka, 0.6 kuwa rabi ne.

A akcuweta marar fozishina, wannan iska ta umarni ita ce dai ke yin aikin ɗagawar. Sandar kan tsaya a inda ƙarfin iska ya yi daidai da ƙarfin sifirin, kuma da waɗannan biyun kaɗai ke jan ta da babu wata damuwa. Amma akwai wasu ƙarfafa biyu da ba a sa su cikin wannan lissafi ba.

A ɗauki bawul mai tura tururi ga tukunyar da ake son zafinta ya tsaya a digiri 80. Faɗin fatar robar murabba'in santimita 500 ne, tafiyar sandar daga rufe zuwa buɗe milimita 40. Matsin bar ɗaya yana tura kowane murabba'in santimita da ƙarfin kusan kilo ɗaya. Ke nan tazarar 0.8 da ke tsakanin ƙasan umarni da samansa tana ba da ƙarfin kilo 400, kuma kowace milimita ta tafiyar sandar tana cin kilo 10. Da wannan adadi na ƙarshe za a gane duk abin da zai biyo baya.

Ƙarfi na farko gogayya ce. Inda sandar ta fito daga jikin bawul akwai fakin, wasu zobba da ake matsewa don kada tururi ya tsiyayo. Matsewar da ke hana yoyo ita ce kuma ke riƙe sandar, musamman fakin garafait da ake sa wa wuraren zafi. A ce riƙon ya kai kilo 20. In umarni yana hawa zuwa 0.6, sandar ba za ta kai milimita 20 ba, za ta tsaya a 18, domin gogayya ta cinye kilo 20. In kuma umarnin yana saukowa ne daga sama zuwa 0.6 ɗin, sandar za ta maƙale a 22. Umarni ɗaya ya ba da wuri biyu, da milimita 4 a tsakani, kashi 10 cikin ɗari na dukan tafiyar. Duk lokacin da aka juya akala daga buɗewa zuwa rufewa, sai umarnin ya canza da kashi 10 kafin sandar ta ko motsa.

Ga yadda abin ke bayyana a tukunyar. Zafi ya ɗan haura 80, sai kwanturola ta rage umarni da kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan ƙarfin kilo 4 ne kacal, sandar ba ta ji shi ba. Zafi na ci gaba da hawa, kwanturola na ci gaba da ragewa, har ƙarfin ya taru ya rinjayi fakin. Sandar da ta daɗe a tsaye kuwa ta fi wadda ke tafiya wuyar motsawa, don haka da zarar ta kuɓuce sai ta zarce inda ake so. Yanzu tururi ya yi kaɗan, zafi ya faɗo ƙasa da 80, a sake sabon zagaye ta ɗaya ɓangaren. A allo za a ga layin umarni na hawa da sauka kamar haƙoran zarto, zafin kuma ya ƙi zama wuri ɗaya. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kwanturola, a yi ta sauya mata saiti, alhali cutar tana can wajen fakin.

Ƙarfi na biyu daga tururin kansa yake. Yana tura matoshin daga ƙasa, kuma in faɗin matoshin murabba'in santimita 10 ne, bambancin matsi tsakanin gaba da bayan bawul kuma bar 10, turawar ta kai kilo 100. Wannan daidai yake da milimita 10, rubu'in tafiyar sandar. Abin da ya sa ba a iya gyara shi da saiti sau ɗaya shi ne ba ya tsayawa: yana da yawa in bawul na dab da rufewa, yana raguwa in an buɗe sosai, yana kuma canzawa in matsin tukunyar tururi ya canza. Mafi muni, a umarnin 0.2 ƙarfin iska da na sifirin sun yi kunnen doki, babu rarar da za ta danne matoshin a mazauninsa, sai tururi ya ɗaga shi ya wuce, allo na cewa a rufe yake.

Zuwa da kai ya fi aike, kuma aikin fozishina ke nan. Tana karɓar umarnin a matsayin labari kawai, ba a matsayin ƙarfin ɗagawa ba. Wani hannu na ƙarfe ya haɗa ta da sandar, ta nan take sanin ainihin inda sandar take. Tana kuma da layinta na iska dabam, mai matsi sama da na umarni, misali bar 1.4 ko fiye. A samfurin da ke aiki da iska zalla, umarnin na tura wani ɗan sanda a cikinta, matsayin sandar bawul na jan sa baya ta hanyar ƙaramin sifirin. In biyun ba su daidaita ba, wani falle na ƙarfe yakan kusanci bakin wata 'yar ƙofar iska ko ya nisance ta, wannan kuma ya sa a ƙara wa akcuweta iska ko a fitar da ita. Ba ta dainawa sai sandar ta isa inda aka ce. Sababbin samfura na karɓar umarni ta lantarki, miliamfiya 4 zuwa 20, suna lissafin da ƙaramar kwamfuta, amma manufar ba ta canza ba.

A koma kan tukunyar. An rage umarni da kashi ɗaya, fozishina ta ga sandar na sama da wurinta da ƙasa da rabin milimita. Sai ta yi ta fitar da iska, ko da kilo 40 ake bukata, har sandar ta motsa, sannan ta tsayar da ita. Giɓin kashi 10 yakan sauko zuwa kashi ɗaya ko ƙasa da haka a bawul mai lafiya. In tururi ya ƙara turawa, ta rage iska ta rama. Wajen rufewa kuma tana iya zubar da iskar gaba ɗaya, ta bar sifirin ya danna da dukan kilo 100 ɗinsa. A misalinmu hakan ma bai wadatar ba, tun da tururin kilo 100 yake turawa. Amma da yake yanzu umarni dabam, iskar aiki dabam, ana iya sa sifirin mafi tauri, kamar mai aiki daga 0.8 zuwa 2.4, wanda ke danne matoshin da kilo 400, muddin iskar da ake ba fozishinar ta fi 2.4. Wannan dama, a ganina, ba ta gaza maganin gogayya muhimmanci ba. Akwai ƙarin amfani: tana cika akcuweta da sauri fiye da siririn bututun umarni mai nisa, kuma da ita ake raba umarni ɗaya tsakanin bawul biyu, ɗaya ya yi aiki daga 3 zuwa 9, ɗaya daga 9 zuwa 15.

Sai dai fozishina matsayin sanda kawai ta sani, ba ta san yawan abin da ke wucewa ba. In matoshi ya zaizaye, ko bawul ɗin ya fi ƙarfin aikin da aka sa shi girma, za ta kai sandar daidai amma tururin ba zai zo daidai ba. In hannun da ya haɗa ta da sandar ya yi sako-sako, labarin ƙarya take samu, kuma a kansa za ta yi aiki. Iska mai ruwa ko mai tana toshe 'yan ƙofofinta, shi ya sa ake sa mata matata, ake kuma zubar da ruwan da ya taru a ciki. In an matse fakin fiye da kima, ita ma sai ta shiga kai da komo, sandar na zarcewa tana dawo da ita, ana jin hucin iska ba tsayawa. Wani haɗarin kuma shi ne ɓoye cuta: tana ta ƙara iska tana rufa wa bawul asiri yayin da sandar ke ƙara tauri, har ranar da iskar ta gaza.

Gane wannan ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Da izinin ɗakin sarrafawa, a mayar da kwanturola hannu, mutum ɗaya ya tsaya wajen bawul yana kallon ma'aunin sandar, hannunsa nesa da ita, domin tana iya motsawa ba zato. A ƙara umarni da kashi ɗaya, sannan biyu, sannan biyar, a kuma dawo ta baya, a lura da matakin da sandar ta fara amsawa. A duba gejin da ke nuna iskar da fozishina ke tura wa akcuweta a wuri ɗaya, yayin hawa da yayin sauka. A bawul ɗin misalinmu bambancin 0.08 ne; in bayan watanni ya ninka, fakin ko sandar na neman gyara, ko da bawul ɗin yana zuwa wurinsa daidai.

Ba kowane bawul ke bukatar fozishina ba. Wanda aikinsa buɗewa duka ko rufewa duka ne ba ya amfana da ita sosai. Amma bawul mai daidaita zafi ko matakin ruwa a tanki, mai fakin garafait, ko mai fuskantar babban bambancin matsi, bai kamata a bar shi babu ita ba, kuma wanda ya sa ta ya riƙa rubuta abin da gejinta ke nunawa tun daga ranar farko.