Neman sauƙi wajen ganawar aiki: me za ka rubuta?

Sauƙin ganawa shi ne gyaran da mai ɗaukar ma'aikata ke yi don mai nakasa ya nuna ƙwarewarsa daidai da kowa. A Najeriya, wata doka ta 2018 ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci wajen ɗaukar aiki.

Da zarar an gayyace ka, aika imel ka faɗi buƙatarka. Mai keken guragu zai iya rubutawa: “Ina amfani da keken guragu, don haka ina roƙon a yi ganawar a ɗakin ƙasa.” Kurma kuma ya nemi mai fassarar yaren hannu.

Sunan ciwo, maganin da kake sha da takardun asibiti, bar su a gida. Idan an buƙaci shaida, tambayi wa zai gani.