Kwamitin Bincike: Rigar Alƙali, Amma Babu Gidan Yari

Yana kira, ba ya ɗaurewa. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa bisa doka yana iya aika wa mutum sammaci, ya rantsar da shi, ya tilasta masa kawo takardu, kuma galibi alƙali ne ke shugabantarsa. To amma idan an kammala zama, abin da yake miƙawa shawara ce kawai. A Birtaniya ma sai da dokar 2005 ta faɗa ƙarara cewa kwamiti ba shi da ikon yanke wa kowa hukuncin laifi ko na biyan diyya.

Kwamitin da Kotun Ƙoli ta karya wa ƙafa. A 1999 Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa domin binciken take haƙƙin ɗan Adam, musamman a zamanin mulkin soja. Koke sama da 10,000 aka kai masa. Ya gayyaci Buhari da Babangida da Abdulsalami, babu wanda ya je. Babangida, wanda lauya Gani Fawehinmi ke son a yi wa tambayoyi kan kisan ɗan jarida Dele Giwa a 1986, sai ya garzaya kotu. A 2003 Kotun Ƙoli ta ce kundin tsarin mulkin 1999 bai ba Tarayya ikon kafa irin wannan kwamiti mai tilasta wa mutane bayyana a faɗin ƙasa ba. Ikonta ya tsaya a Abuja, saura na jihohi ne. Gwamnati kuwa ta samu mafaka, ta ƙi fitar da rahoton da aka miƙa mata tun 2002. Ƙungiyoyin farar hula ne suka bankaɗo shi a 2005.

Ga inda gizo ke saƙa. Saboda wannan hukunci, bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020 jihohi ne suka kafa kwamitoci, alhali 'yan sanda da sojojin da ake ƙorafi a kansu na Tarayya ne. Mai ikon bincike daban, mai ikon hukunta su daban.

Farar takarda ce mai magana ta ƙarshe. Ita ce amsar gwamnati ga rahoto, shawara bayan shawara: mun karɓa, mun ƙi, mun gani. Kwamitin Legas kan EndSARS na Mai Shari'a Doris Okuwobi ya ba da shawarwari 32 a 2021. Gwamnatin jiha ta karɓi 11, ta yi wa shida kwaskwarima, ta yi fatali da ɗaya, sauran 14 ta ce ba huruminta ba ne, ta tura wa Tarayya. Wanda ke son sanin nauyin rahoto, farar takardar zai nema, ba kanun jarida ba.

Duk da haka baki yana buɗewa. A gaban kwamitin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ne Sakataren Gwamnatin Kaduna ya bayyana a 2016 cewa an binne gawarwaki 347 a kabari ɗaya bayan rikicin Zariya na Disamba 2015.

Zargi ba hukunci ba ne. A da, tsarin mulki ya haramta takara ga wanda kwamiti ya samu da almundahana, matuƙar gwamnati ta amince da rahoton. Da wannan hukumar zaɓe ta cire sunan Atiku Abubakar a 2007. Saura kwana biyar zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce hukumar ba ta da wannan iko, aikin kotu ne. A gyaran 2010 aka soke sakin layin baki ɗaya, kuma ya cancanci sokewa: kowane mai mulki na iya haɗa kwamiti ya kawar da abokin hamayyarsa.

Ghana ta sha bamban. A can, bisa tsarin mulkin 1992, idan kwamiti ya sami mutum da laifi, bayan wata shida da bayyana sakamakon ana ɗaukarsa tamkar hukuncin Babbar Kotu, kuma mutumin na da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shugaban ƙasa kuma dole ya wallafa rahoton cikin wata shida, ko ya rubuta dalilinsa na ƙin yi.

Mako 11 da shekara 12. Sojojin Birtaniya sun harbe mutum 13 a garin Derry ranar 30 ga Janairu 1972. Binciken Widgery ya fito cikin mako 11, ya kusan wanke sojojin tas. Na Saville, da aka kafa a 1998, sai 2010 ya fito, bayan ya lashe kusan fam miliyan 200, ya ce kisan ba shi da hujja. A ranar da ya fito, Firayim Minista David Cameron ya nemi gafara a majalisa.

Mai laifi marar suna. Da sojoji suka ƙona gidan Fela Kuti a Legas a 1977, binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Fela ya mayar da wannan amsa sunan waƙa.