Yadda ake auna tabbacin adadin tsakiya

A ɗauka an auna mintocin da mutum tara suka yi suna jiran ganin likita, aka samu 12, 15, 18, 20, 22, 25, 31, 40 da 95. In aka tara su aka raba tara, za a samu kusan minti 31, domin mai minti 95 ya ja lissafin sama. Shi ya sa masu ƙididdiga suka fi son adadin tsakiya a irin wannan hali: a jera alƙaluman, a ɗauki na tsakiyarsu. A nan shi ne 22.

To amma da wasu mutum tara daban aka auna, da 22 ɗin za a sake samu? A 1979 Bradley Efron na Jami'ar Stanford ya fito da dabarar da ake kira butistiraf, wadda ke amsa wannan tambaya da alƙaluman da ke hannu kawai.

Za a rubuta alƙaluman tara a kan 'yan takardu a zuba a ƙwarya. A zaro ɗaya, a rubuta abin da ke kanta, a mayar da ita, a gauraya, har sau tara. Mayarwar nan ita ce ƙashin bayan aikin: wata takardar za ta fito sau biyu, wata kuwa ko sau ɗaya. Ana iya samun 12, 15, 15, 20, 20, 22, 31, 31, 95, tsakiyarsu kuwa 20. Kwamfuta za ta maimaita wannan sau 10,000, tana ajiye adadin tsakiya na kowane zagaye.

Daga nan sai a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, a zubar da 250 na ƙasa da 250 na sama. Abin da ya rage shi ne tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari, a nan daga minti 15 zuwa minti 40. Shi kansa 22 ɗin, zagaye ɗaya cikin huɗu da 'yan kai kawai yake fitowa. Faɗin tazarar na nuna cewa mutum tara sun yi kaɗan.

Akwai kuma inda dabarar ke tuntuɓe. Tunda tara ba ta rabuwa biyu daidai, kowane adadin tsakiya dole ya zama ɗaya daga cikin alƙaluman asali. Ba za a taɓa ganin 16 ko 35 ba. In aka zana sakamakon aka ga 'yan sanduna tsaye da giɓi a tsakaninsu, to iyakokin tazarar tsalle suke yi, kuma kashi 95 ɗin kintace ne. Ƙara zagaye zuwa miliyan ba ya gyara wannan, sai an ƙaro mutane. Haka kuma in duk taran da sassafe aka auna su, tazarar ba ta faɗi komai ba game da masu zuwa da azahar.