Kafin ka canja batir, duba wace manhaja ke zuƙe cajin

Da zarar waya ta fara shan caji bayan an sabunta manhajarta, sai ka ga mutum ya nufi wajen mai gyara a canja masa batir. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai. Batirin da ya kai ka har Magariba jiya ba ya tsufa a dare ɗaya.

A kwana biyu ko uku na farko wayar na aikin ɓoye: tana sake jera hotuna da fayiloli, tana daidaita manhajoji da sabon tsarin. Shi ya sa takan ɗan yi zafi ko ba a taɓa ta ba. Sai an wuce kwanakin nan matsalar ba ta lafa ba, sannan a fara bincike.

Shiga Settings, ka danna Battery. A yawancin wayoyin Android za ka ƙara danna Battery usage, a iPhone kuwa jerin yana nan a shafin. Kada ka yi saurin kama wadda ke sama da laifi. Wanda ya wuni yana kallon TikTok dole ya gan shi a kan gaba, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne lokuta biyu da ke tare da kowace manhaja: wanda ta yi kana kallonta, da wanda ta yi tana aiki a bayan fage, wato Background.

Dare ya fi dacewa da gwajin, tunda kana barci ba ka taɓa komai. A ce ka cire wayar daga caji tana 100 da ƙarfe goma sha ɗaya, da Asuba ka tarar da 70. Ka duba, sai ga Google Photos: minti biyu a buɗe, awa biyar a bayan fage. To ga mai laifin nan, wataƙila tana ta faman tura hotuna ne a kan sabis mai rauni. Fara shiga Play Store ka sabunta ta, domin tsohuwar manhaja kan yi rikici da sabon tsari. In ba ta daina ba, shiga Apps, ka zaɓe ta, ka mayar da batirinta Restricted. A iPhone sai ka kashe mata Background App Refresh. Amma kada ka taƙaita WhatsApp haka, saƙonni za su riƙa makara.

Wani lokacin ba manhaja ba ce. In ka ga Mobile network ko Low Signal a sama, neman sabis ne ke cinye cajin.

In kuwa wayar na mutuwa farat ɗaya daga 30, ko bayanta ya kumbura, nan kam batirin ne. Kai ta wajen mai gyara, kada ka sake sa ta a caji.