Na Sauka Lafiya, Amma Ga Yadda Abin Yake

Hoton farko da mutum yake sakewa bayan ya sauka a ƙasar waje kusan iri ɗaya ne. Rigar sanyi sabuwa, akwati a gefe, bayansa titi tas, a ƙasa kuma an rubuta: "Sabuwar rayuwa. Alhamdulillah." Babu ƙarya a ciki, godiya kuwa wajibi ce. Sai dai mai hoton ya fi kowa sanin cewa a daren nan a kan kujerar falon wani ɗan garinsu ya kwana, kuma bai san inda zai kwana mako mai zuwa ba.

Dalilin ɓoyewar ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Bahaushe ya taso da rufin asiri, ko yana kan gadon asibiti aka tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Ga uwa a gida da ba a son hankalinta ya tashi. Ga kuma masu jiran ka yi tari su ce: "To in babu daɗi ka dawo mana, wa ya aike ka?" Wanda aka sayar da fili aka biya masa kuɗin makaranta, da wane baki zai ce yana shan wuya?

Amma wannan ɗan rubutu na ƙasan hoto ba mutum ɗaya ke karanta shi ba. Kawu ya gani, ya fara lissafin abin da za a turo masa kafin azumi. Ƙanin abokinka ya gani, ya tafi ya matsa wa mahaifinsa lamba a nemo masa biza ko ta halin ƙaƙa. Abin da ka rubuta a minti ɗaya, wani a kansa zai gina shawarar shekara biyar. Shi ya sa nake ganin wanda ya nuna daɗin kawai ya ɗauki alhaki, ko da bai yi niyya ba.

Mu ɗauki misalin ɗalibi daga Kano da ya tafi digiri na biyu a Bradford, arewacin Ingila, a watan Janairu. Kafin jirgi ya tashi ya riga ya biya kuɗin lafiya da ake haɗawa da biza, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi. Idan yana da aure, matarsa tana gida, domin daga Janairun 2024 an hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ya sauka ke nan shi kaɗai.

Abin da zai fara ba shi mamaki ba dusar ƙanƙara ba ce, duhu ne. Rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, wajen huɗu da 'yan mintuna ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk suna cunkushe cikin kamar awa huɗu, ana tsakiyar darasi lokacin wata ya shiga, kafin a tashi ya fita. Sanyin kuma ba irin na hunturunmu ba ne da rana ke korewa da hantsi. Mai laima ne, yana wuni yana kwana. Rigar da ya tsinto a gwanjon Ƙofar Wambai, wadda yake ganin ta fi ƙarfin kowane sanyi, ranar farko iska ta ratsa ta.

Sai maganar ɗaki, wadda ita ce ke karya gwiwa. Mai gida yana son ganin wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, kai kuwa jiya ka zo. Yana son kuɗin ajiya, wanda doka a Ingila ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako biyar, ban da hayar watan farko. Banki yana son shaidar inda kake zaune kafin ya buɗe maka asusu, mai ba da aiki kuma yana son lambar asusu. Yawanci wasiƙar jami'a ce ke warware ƙullin, ita ma sai ka kammala rajista. Aikin da ake ta yi wa kirari a gida, ɗalibi awa 20 kawai aka yarje masa a mako muddin ana zangon karatu. A mafi ƙarancin albashi na Afrilun 2025, fam 12.21 a awa, hakan ya kama fam 244 a mako, in har ya samu aikin, in kuma an ba shi awannin cif. Wanda ke Kano zai buga wannan da farashin naira ya ce an yi arziki. Bai cire haya da abinci da motar haya da cikon kuɗin makaranta ba.

To yaya wannan ɗalibi zai rubuta gaskiya ba tare da ya zama mai kuka a bainar jama'a ba? Ga irin abin da nake nufi:

"Alhamdulillah, na sauka Bradford lafiya, yau kwana tara. Har yanzu ina raɓe wajen wani ɗan'uwa, Allah Ya saka masa da alheri, ɗaki bai samu ba tukuna. Ƙarfe huɗu duhu ya yi. Turancin direban bas sai ya maimaita sau biyu nake kamawa. Masallatai suna da yawa, naman halal ba wuya, ɗakin karatun makaranta kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Aiki ban fara ba, don haka masu jiran tsaraba a ƙara haƙuri. Ina kewar gida. A sa mu a addu'a."

Duba yadda aka gina shi. An fara da lafiya, domin ita uwa ke nema kafin komai. Wahalar an faɗe ta da sunanta: ɗaki, duhu, harshe. "Rayuwa ba sauƙi" ba ya gaya wa kowa komai, amma "kwana tara ban samu ɗaki ba" zai sa mai shirin tahowa ya nemi masauki tun yana gida. An faɗi abin daɗin da gaske, ba don a wanke kai ba. Maganar tsaraba kuwa cikin raha ta rufe ƙofar roƙo na wata biyu, ba tare da an ɓata da kowa ba. Ni dai na fi yarda da rubutun da ke da ranar da aka yi shi, domin kwana tara ba shekara ba ce. Wanda ya yanke wa ƙasa hukunci a makon farko, ko na yabo ko na zagi, ya yi gaggawa.

Faɗin gaskiya kuma yana da iyaka. Kada hoton fasfo ko takardar biza ko lambar gidan da kake ya shiga ciki. 'Yan damfara na amfani da irin waɗannan su yaudari wasu da sunanka. Kada ka ambaci wanda ya sauke ka sai da izininsa, wataƙila yarjejeniyar hayarsa ba ta yarda da baƙon dogon zama ba. Kada ka zagi makaranta ko wurin aiki da suna alhali bizarka a hannunsu take. Idan kuwa abin ya wuce kewa, ka daina barci, ka daina cin abinci, ba ka son fita, wannan ba na Facebook ba ne. Yin rajista da likitan unguwa a Ingila kyauta ne, jami'o'i kuma suna da ofishin kula da walwalar ɗalibai.

Abu ɗaya ya rage. Kafin ka danna turawa, ka kira Hajiya ka gaya mata da bakinka cewa ɗaki bai samu ba amma kana wurin mutanen kirki, kana ci kana sha. Kada ta fara ji daga maƙwabciya, domin kafin labarin ya iso gidanku an mayar da shi cewa a titi kake kwana.