Minti Goma A Gaban Ɗalibai: Jawabin Shugabar Makaranta Ranar Baje Kolin Littattafai

Makarantu da dama kan ware rana guda don baje kolin littattafai, wasu ma su daidaita ta da 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya da UNESCO ta tsayar a 1995. Masu sayarwa su jera tebura, yara su yi layi, a miƙa wa shugabar makaranta lasifika ta buɗe taro. Sau da yawa a nan ake ɓarar da garin.

Jawabin kan fara da gaishe-gaishe: mai girma wane, wakilin wane, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Kafin a iso kan yaran da aka tara dominsu, rana ta ɗaga, 'yan aji ɗaya sun fara tsungulin juna. Sai a rufe da cewa ilimi hasken rayuwa ne. Gaskiya ne, amma yaro ya ji wannan tun ranar da aka kawo shi makaranta, bai kuma sa ya buɗe littafi ba. Gaisuwar manya haƙƙi ce, sai dai minti ɗaya ya ishe ta.

Aikin jawabin guda ne: ya sa yaro ya bar layi ya nufi wani tebur da sunan wani littafi a bakinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce shugabar ta fito riƙe da littafin.

A ce Magana Jari Ce ta ɗauko, na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Ba sai ta yi wa yara tarihin marubucin ba. Ta ba su labarin Sarki Abdurrahman da ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, ga Waziri yana ƙulla makirci don a fitar da yaron daga fada, ga kuma aku yana tare shi da labari duk sanda ya yi shirin fita, har gari ya waye. Daga nan ta karanta shafi ɗaya da murya, a hankali, tana sauya harshe idan aku ya karɓi magana. Inda labarin ya ɗauki zafi, ta rufe littafin, ta faɗi teburin da yake. Dabarar akun ce ta ara, kuma tana aiki a kan ɗan firamare kamar yadda ta yi a kan Musa. Idan manyan aji ne a gabanta, Ruwan Bagaja zai yi, musamman wuraren da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke rama wa juna tsiya. Ɗaya ne daga littattafai biyar da aka buga bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kuma har yau yara na dariya a inda iyayensu suka yi.

Harshe ma abin dubawa ne. Shugabar da ta yi jawabinta kaf da Turanci don baƙi su yaba, alhali rabin ɗalibanta ba sa bin ta, da baƙin ta yi magana.

Abu na biyu shi ne ta koya musu zaɓe, domin yaro bango yake kallo. Ya buɗe tsakiyar littafin, ya karanta shafi guda, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin, littafin ya fi ƙarfinsa a bana. Ya kuma duba lambobin shafi ko suna bin juna, don bugun jabu kan zo da rubutu dishi-dishi, wani shafin babu, wani an maimaita, ga bango yana ɓallewa tun a hannun mai sayarwa.

Sai maganar da shugabanni suka fi tsallakewa: yaran da suka zo ba ko sisi. A makarantar gwamnati su ne masu yawa. Wadda ta ce kowa ya saya, ta sallame su ke nan tun kafin a yanka kirtani. Gara ta sanar a fili cewa makaranta ta ajiye wasu kwafi na aro, ta faɗi malamin da ke riƙe da rajista da kwanakin da ake dawowa da littafi. Ta kuma juya ga iyaye da baƙin da ta gaisar ɗazu, ta roƙi kowannensu ya sayi ɗaya ya bar wa aji.

Tafi ba ya nuna ko jawabin ya ci. Shugabar ta jira mako biyu, ta buɗe rajistar aro ta ƙirga sunaye, sannan ta shiga aji ta tambayi wa zai ƙarasa mata labarin da ta yanke.